Kafin alƙalami a kwantiragin Faransanci: kalma biyu ce, Turanci ya haɗe su ɗaya

Akwai maganar da ke yawo a bakin masu sayo motoci da injuna daga Faransa, wai dokar ƙasar ta ba mai kaya damar karɓar kafin alƙalaminka, ya fasa ciniki, ya bar ka da hamma. Wasu kuma suna cewa ko kai ka fasa, kuɗinka zai dawo. Duka biyun ba haka ba ne, kuma yawancin ruɗanin daga fassara ya taso.

Abin da muke kira kafin alƙalami, Faransanci yana da kalma biyu a kansa, arrhes da acompte. Mai fassara idan yana sauri sai ya mayar da kowacce deposit a kwafin Turanci, alhali hukuncinsu ya yi hannun riga.

Sashe na 1590 na kundin dokar farar hula na Faransa, wanda aka kafa a 1804, shi ya yi bayanin arrhes. Kowane ɓangare yana da ikon janyewa: wanda ya ba da kuɗin ya janye ya rasa su, wanda ya karɓa ya janye ya mayar da ninki biyu. A ce ka yi cinikin babbar mota a kan yuro 40,000, ka ajiye 4,000. In ka fasa, 4,000 ɗin sun tafi, amma ba mai sake bin ka ko sisi. In mai motar ya fasa, zai ba ka 8,000, wato naka da wasu 4,000 daga aljihunsa. To ka ga bai tafi da kuɗinka ba.

Acompte kuwa somin biya ne a cinikin da ya riga ya faɗa. Babu ƙofar fita. In ka ce ka fasa, mai motar yana iya kai ka kotu ya nemi a tilasta maka cika sauran 36,000, ko ka biya diyyar asarar da ka jawo masa. Shi ma in ya noƙe, haka za ka iya yi masa.

Kalmar deposit ba ta yi daidai da ko ɗaya ba. A dokar Ingila, wadda Najeriya ta gaji tsarinta, jingina ce ta cewa da gaske kake. In ka saɓa ka rasa ta, kuma in asarar mai kaya ta fi ta yawa yana iya neman ƙari. In shi ya saɓa, zai mayar maka da ita, ka nemi diyya, amma babu zancen ninki. Ɗan kasuwar Kano da ya karanta kwafin Turanci kawai zai ɗauka ya ɗaure mai motar tamau, bai san in arrhes aka rubuta a takardar Faransanci, an bar wa mai motar ƙofa a buɗe ba.

Nan ne raina bai kwanta da arrhes ba. Idan wani ya zo ya taya motar 50,000, mai ita zai biya ka ƙarin 4,000, ya sa ribar 6,000 a aljihu, kuma bai karya doka ba. Kai da ka riga ka yi wa wani alkawarin motar, ka kama wuri a jirgin ruwa, wannan ninkin ba lallai ya share maka hawaye ba. Mai neman kaya ruwa a jallo gara ya nace a rubuta acompte.

Idan takardar ta yi shiru fa? Dokar kare masu saye ta Faransa, sashe na L214-1, ta ce kuɗin da mai saye don amfanin kansa ya ba ɗan kasuwa tun gaba arrhes ne, sai in an rubuta akasin haka. Wannan bai shafi ciniki tsakanin ɗan kasuwa da ɗan kasuwa ba. A can alƙali zai duba abin da ɓangarorin suka nufa.

Saboda haka mai fassara ya bar kalmar Faransancin yadda take a cikin kwafin Turanci, ya bi ta da jimla guda mai faɗin hukuncinta: ga arrhes, kowa yana iya janyewa, mai saye ya rasa kuɗin, mai sayarwa ya mayar da ninki, bisa sashe na 1590. Ga acompte, ya rubuta payment on account, ya ƙara da cewa cinikin ya tabbata, ba janyewa. Kai kuma kafin ka sa hannu, ka sa a nuna maka layi biyu a ƙarshen takardar: wanda ya faɗi dokar ƙasar da za a bi, da wanda ya faɗi kwafin da zai rinjaya in Faransanci da Turanci suka saɓa.