Malamai biyu, amsa biyu: ta wa za a bi?

Malam, duk abin da malami ya faɗa ba fatawa ba ce?

A'a. Fatawa amsa ce ga tambayar wani mutum a kan abin da ya same shi, mai ba da ita yana faɗa masa hukuncin Allah gwargwadon abin da ya sani da dalilinsa. Karatun da malami yake yi a zaure bayan Magariba karatu ne. Wa'azin rediyo wa'azi ne. Ku daina ɗauko guntun murya daga waya kuna cewa an ba ku fatawa.

To mene ne bambancinta da hukunci?

Mufti labari yake ba ka, alƙali kuwa tilasta ka yake yi. Mufti bakinka kaɗai ya ji, bai kira abokin shari'arka ba, bai nemi shaidu ba, bai rantsar da kowa ba. Alƙali sai ya yi duk waɗannan kafin ya yanke, kuma in ya yanke a mas'alar da ake da saɓani, saɓanin ya ƙare a kan wannan shari'ar. Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a shekara ta 684 bayan hijira, littafi guda ya rubuta don kawai ya raba waɗannan biyun.

Amma kada ka yi murna da wuri. Hukuncin alƙali ba ya halasta maka abin da ka san ba naka ba ne. A hadisin Ummu Salama, Annabi (SAW) ya gargaɗi wanda ya fi abokinsa iya baki har aka yanke masa haƙƙin ɗan'uwansa, ya ce guntun wuta aka yankar masa.

Malam, na ce wa matata na sake ta saki uku a lokaci guda. Limamin unguwarmu a Birni ya ce uku ne, ta haramta. Wani malami a Sabon Gari ya ce ɗaya ne, in mayar da ita. Wanne zan bi?

Ɗan'uwa, zauna tukuna. Babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu. Limaminka ya faɗa maka abin da mazhabobi huɗu suka tafi a kai, har da Malikiyya da muka tashi a cikinta a Damagaram: saki uku da kalma ɗaya ya auku uku, ko da yake a Malikiyya bidi'a ce, mai yi ya yi laifi. Na biyun ya ɗauki maganar Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim, hujjarsu hadisin Ibnu Abbas da Muslim ya ruwaito, cewa a zamanin Annabi (SAW) da na Abubakar da shekara biyu na halifancin Umar ana lissafa ukun ɗaya ne, sai Umar ya zartar da shi uku. Ƙasar Masar ma wannan maganar ta sa a dokarta tun 1929. Saɓani ne tsoho, ba ni da kai za mu kashe shi ba.

Abin da nake fara tuhuma shi ne tambayar. Kalmomin da ka gaya wa liman su ka gaya wa na biyun? Sau da yawa mutum yakan je wurin na farko da gaskiyarsa, in ya ji amsa mai ɗaci sai ya gyara labarin a hanya. Rubuta abin da ya fito daga bakinka daidai. "Na sake ki saki uku" daban ne da "na sake ki, na sake ki, na sake ki". A Malikiyya wannan na biyun ma uku ne, sai fa in nufinka jaddada na farkon ne kawai, to a nan ana iya lissafa shi ɗaya, kuma Allah ya san nufinka ko da malami bai sani ba. Ka faɗi ko akwai sakin da ya gabata, don in ka taɓa yin biyu a baya, duk wannan gardamar ba ta shafe ka ba. Ka faɗi wanda yake wurin. Kuma kada ka jingina da cewa fushi ne. Wa yake sakin mace yana dariya? A wurin malamanmu fushi ba ya hana saki aukuwa, sai wanda ya kai mutum bai san abin da yake faɗa ba.

In tambayar ɗaya ce kuma amsa ta fito biyu, to duba masu amsar. Wanne ya fi zurfi a fiƙihu, wanne kuma aka fi shaida da tsoron Allah? Yawan masu sauraro ba ya cikin ma'auni. Wanda ya tsare ka da tambayoyi kafin ya buɗe baki, ya gaya maka daga ina ya ɗauko, ya kuma gaya maka akwai wata magana saɓanin tasa, ya fi wanda ya amsa maka a tsaye a bakin masallaci. Sannan ka tambayi kanka wane ne da ma kake kai wa lamuranka kafin wannan ya faru. In shekara da shekaru limamin nan kake tambaya gado da zakka, sai yau da amsarsa ta ƙona ka ka gano hanyar Sabon Gari, wannan shi ne bin rangwame da malamai suka hana. In kuwa da ma malamin can ne malaminka, kuma ka natsu da iliminsa tun kafin ka buƙaci sauƙi, ba zan ce ka yi zunubi don ka bi shi ba, ko da yake ni da mazhaba nake ba da amsa.

Duk da haka akwai wurin da fatawa take tsayawa, kuma nan ne mazaje suke mantawa. Auren ba naka kai kaɗai ba ne. In matar ta yarda a ranta cewa uku ne, ko waliyyinta ya ƙi, fatawar da ka samo ba ta hau kansu ba, ba za ka ɗauki fatawar ka je gidan surukai kana ɗaga murya ba. Magana ta zama jayayya, jayayya kuwa ta mai hukunci ce. Ku je fada a saurari kowa, in sulhu bai yiwu ba a wuce gaban alƙali. Kafin a warware, ka nisance ta.

Ra'ayi fa? Malami ba shi da ikon ya ce "ni a ganina"?

Yana da shi, in ya faɗa cewa ganinsa ne. Ganin da aka gina a kan dalili ijtihadi ne. Ganin da ya shafi wace makaranta za ka kai ɗanka ko wace sana'a za ka kama shawara ce, ka ɗauka ko ka bari. Tambaye shi da ladabi: Allah gafarta Malam, wannan nassi ne, ko maganar mazhaba ce, ko fahimtarka ce? Malamin kirki ba ya jin haushin wannan.

Na tambayi wani ya ce bai sani ba. Ashe ba malami ba ne?

Riƙe shi da kyau. An ruwaito cewa an yi wa Imam Malik tambaya 48, ya ce bai sani ba a 32.

Ba an ce ka nemi fatawar zuciyarka ba?

An faɗa, a hadisin Wabisa. Ana nufin ka bar abin da yake yi maka kaikayi a rai ko da an ce maka halas ne. Ba a ba ka shi don ka soke haramcin da ka ji ba.

In aka tabbatar uku ne, zan iya samo wanda zai aure ta kwana ɗaya ya saka?

Kada ka soma. Auren kisan wuta ɓatacce ne a Malikiyya, ba ya halasta maka ita, kuma an la'anci mai yi da wanda aka yi dominsa.