Gabatar da mai jawabi marar dogon tarihi: me za a faɗa ba tare da zuga ba?

Malam, an ɗora mini gabatar da baƙo mai jawabi a bikin yaye ɗaliban makarantarmu. Tsohon malamin firamare ne, NCE kawai gare shi, ko hedimasta bai taɓa zama ba. Me zan faɗa a kansa?

Ɗan'uwa, ajiye maganar takardu tukuna, ka nemi aikin da mutumin ya yi. Kafin ranar taro ka je ka gaishe shi, ko ka buga masa waya. Tambaye shi shekarar da ya fara koyarwa, da makarantun da ya zauna, da darasin da ya fi daɗewa yana riƙe da shi. Irin waɗannan dattawa ba sa son faɗin kansu, zai ce maka "ai ba wani abu na yi ba". Don haka sai ka nemi wanda suka yi aiki tare, ko tsohon ɗalibinsa, ka ce ya ba ka abu guda da ya gani da idonsa.

A ce ka gano ya yi shekara 35 a aji, mafi yawansu a aji ɗaya, inda yaro ke fara haɗa baƙi da wasali. Ka kuma ji cewa bayan tashi yakan zauna da waɗanda karatu ya yi wa nauyi, ba tare da karɓar ko sisi ba. To ka samu abin faɗa. Bayan sallama sai ka ce:

"Mai jawabinmu na yau, Malam wane, ya shekara 35 yana koyarwa a firamare. Da yawa daga iyayen da ke zaune a nan, a hannunsa suka fara rubuta sunansu. Ɗalibansa sun shaida mini cewa bayan an tashi yakan tsaya da waɗanda aka bari a baya har su kamo 'yan'uwansu. Shi ya sa muka roƙe shi ya yi mana magana kan yadda iyaye za su taimaki yaro da karatu a gida. Bismillah, Malam."

Wannan bai kai minti ɗaya ba, kuma babu kalmar da za a ƙaryata. Jimlar da ta fi muhimmanci ita ce ta "shi ya sa", domin ita ke gaya wa jama'a dalilin da zai sa su saurare shi a kan wannan batu.

To in na ɗan ƙara gishiri fa? Na ga kowa haka yake yi.

Shi za ka fara cutarwa. In ka kira shi "gogaggen masanin ilimi da duniya ta san da zamansa", maƙwabtansa da ke wurin sun san ba haka ba ne, shi ma ya sani. Za ka ga ya sunkuyar da kai, in ya karɓi makirufo kuma ya ɓata mintunan farko yana sauke kayan da ka ɗora masa. Wanda bai san shi ba kuwa zai sa ran jin abin da ba a zo da shi ba.

Kirari yana da muhallinsa a fada da gidan biki, kowa ya san zuga ce, ba a karɓarsa a matsayin labari. Mai gabatarwa kuwa shaida yake bayarwa. A hadisin Abu Bakra da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya tsawata wa wanda ya kambama wani a gabansa, ya ce ya sare wuyan abokinsa, ya kuma koyar cewa in yabon ya zama dole, mutum ya ce yana zaton wane haka yake, in har ya san hakan daga gare shi.

Ta yaya zan gane na fara wuce gona da iri?

Karanta abin da ka rubuta, ka cire sunansa ka sa na wani. In jimlar ta zauna daram a kan kowa, kamar "haziƙi, jajirtacce, abin koyi", to ba komai a cikinta, goge ta. Sannan ka kula da laƙabi. Kada ka ba shi Dakta ko Shehi don bakinka ya yi daɗi. Tambaye shi yadda ake kiransa, ka tsaya a nan.

In ambaci cewa bai yi zurfin karatu ba, don kada a ce na ɓoye?

A'a. "Duk da dai bai je jami'a ba" rage masa daraja ne a bainar jama'a, kuma ba wanda ya tambaye ka. Gaskiya ta hana ka faɗin abin da babu, ba ta tilasta maka lissafa abin da mutum ya rasa ba. In kuwa ka bincika iya bincike abin da ka samu kaɗan ne, faɗi sunansa da sana'arsa da abin da zai yi magana a kai, ka gode masa da ya amsa gayyata, ka miƙa masa makirufo.