Vega da asarar mai sayen zaɓi bayan faɗuwar hasashen motsin farashi

Vega ma'auni ne da ke nuna yadda kuɗin kwangilar zaɓi ke sauyawa idan hasashen motsin farashi, wanda manhajojin ciniki ke rubutawa IV, ya hau ko ya sauka da maki ɗaya cikin ɗari. Zaɓi kwangila ce da ke ba mutum damar saye ko sayar da hannun jari a kan wani farashi da aka tsayar cikin wani wa'adi, ba tare da tilas ba. Hasashen motsin farashin ba ya faɗin ko hannun jari sama zai yi ko ƙasa. Girman jijjigar da kasuwa ke tsammani kawai yake aunawa, kuma daga kuɗin da ake sayar da zaɓin ake ciro shi, galibi da lissafin Black-Scholes na 1973. Duk wanda ya sayi zaɓi, na saye ne ko na sayarwa, yana cin riba idan IV ya hau, yana asara idan ya sauka, muddin sauran abubuwa ba su sauya ba.

Inda abin ya fi cizo shi ne lokacin da kamfani zai fitar da rahoton ribarsa. Kafin ranar ba wanda ya san abin da ke ciki, sai zaɓi ya yi tsada. Da zarar labari ya fito, rashin tabbas ya kau, IV ya faɗi nan take.

A ɗauka hannun jari yana kan 100. Mutum ya sayi zaɓin saye a kan farashin 100, saura kwana 30 wa'adinsa ya cika, IV kuma yana 60. Kuɗin zaɓin zai kai kusan 6.90, vega kusan 0.114, delta kuma, wato yawan sauyin kuɗin zaɓin idan hannun jarin ya motsa da 1, kusan 0.53. Washegari rahoto ya yi kyau, hannun jarin ya hau 103. Ta ɓangaren delta ya samu 3 sau 0.53, wato kusan 1.60. Amma IV ya sauko zuwa 35, maki 25 ke nan, kuma 25 sau 0.114 ya ba da asarar 2.85. Zaɓin ya koma wajen 5.65. Ya canki inda farashi zai nufa, duk da haka kusan kashi 18 cikin ɗari na kuɗinsa sun tafi. Da hannun jarin ya kusa 105, da ya fita ba riba ba asara. Hawan da aka samu bai kai hawan da ya riga ya biya kuɗinsa a cikin tsadar zaɓin ba, kuma nan ne masu fara harkar suka fi ruɗewa.

Vega ba lamba ce tsayayya ba. Ta fi girma idan farashin da ke cikin kwangilar yana daf da na kasuwa, tana kuma raguwa yayin da wa'adi ke ƙaratowa. Sai dai IV na zaɓi mai gajeren wa'adi ne ya fi faɗuwa bayan rahoto, don haka ƙaramar vega ba kariya ba ce. Kafin saye, gara a ninka vega da makin da ake zaton IV zai zubar, a raba da delta: a misalin nan, 2.85 a raba da 0.53 ya haura 5, kimanin hawan da ake buƙata kafin a fara maganar riba.