Dibelofa mod da makullin famwaya a Chromebook: me kowanne yake canzawa?

Na sayi Chromebook na hannu a Beirut Road, mai gyara ya sa mini dibelofa mod. Ya ce duk tsaron ya tashi. Haka ne?

Bai tashi duka ba. Idan ka kunna Chromebook, tantancewa hawa-hawa ake yi. Akwai ƙaramar aisi a jikin madabod da ke riƙe da famwaya, wato manhajar da ke fara tashi kafin komai. An raba ta gida biyu: ɓangaren da ake karantawa kawai, `RO`, wanda aka rubuta tun daga kamfani tare da makullin Google a cikinsa, da ɓangaren `RW` da ake sabuntawa. `RO` ne ke duba hatimin `RW`, shi kuma `RW` ya duba hatimin kanel, wato zuciyar tsarin ChromeOS, sannan kanel ya riƙa duba fayilolin tsarin yayin da ake karanta su.

Dibelofa mod hawa ɗaya kawai yake sassautawa: famwaya ta daina dagewa sai kanel mai hatimin Google. Amma `RO` na nan yana tantance `RW` kamar kullum. Ko duban fayilolin tsarin ma bai tsaya ba, sai in kai ne ka kashe shi da hannunka. Shigarsa kuwa `Esc` da `Refresh` da maɓallin kunnawa ne, sai `Ctrl+D` da `Enter`, kuma nan take ake share duk abin da ka ajiye a na'urar. Da gangan aka yi haka, don kada ɓarawo ya bi ta nan ya karanta bayanan mai ita. Idan kuma wata makarantar waje ce ta yi mata rajista ba a cire ba, abin da ba baƙo ba ne a kayan gwanjo, tana iya ƙin shiga gaba ɗaya.

Na sa Linux. Ƙanena ya danna `Space` a allon gargaɗin nan, yanzu ta ƙi tashi. Me ya faru?

Allon da ke cewa `OS verification is OFF` yana jiran daƙiƙa 30, kuma `Space` sannan `Enter` umarni ne na komawa cikakkiyar tantancewa. Da yaron ya danna, sai famwaya ta koma neman kanel mai hatimin Google, ba ta samu ba tunda Linux ya hau wurinsa, sai ta tsaya tana neman filas na farfaɗowa. Ba lalacewa ta yi ba. Ka sake shiga dibelofa mod; idan `Ctrl+L`, wanda ake dannawa a allon gargaɗin don tayar da Linux, ya ƙi ɗauka sai ƙara kawai kake ji, to izinin tayar da wani tsarin ya goge, kuma mayar da shi yakan buƙaci a dawo da ChromeOS tukuna. Nan ne fayiloli ke salwanta, don haka a fara kwashe su in da hali.

Maganin maimaituwar wannan yana cikin tutocin `GBB`, wato wasu saitunan famwaya: `0x8` tana tilasta dibelofa mod har `Space` ta daina aiki, `0x1` kuma tana rage jira zuwa daƙiƙa 2. Matsalar ita ce `GBB` a cikin `RO` yake zaune, dibelofa mod bai isa ya taɓa shi ba.

To me cire makullin da ke hana rubutu a famwaya yake ƙarawa?

Shi ne ke buɗe `RO` ɗin kansa. Makullin biyu ne: na jikin inji da na cikin aisi, kuma na biyun ba ya buɗuwa sai an saki na farko. A tsofaffin samfura noti ne a kan madabod. Daga wajen 2017 aikin ya koma hannun guntun tsaro na `Cr50`, inda ake zare wayar batir a kunna da caja kawai, ko a yi amfani da kebul na musamman mai suna SuzyQ. Daga cikin ChromeOS, ka duba matsayin makullan biyu haka:

```
crossystem wpsw_cur
sudo flashrom --wp-status
```

Idan na farko ya ba ka `1`, makullin inji na rufe, kada ka wahalar da kanka da sauran.

A nan ne maganar mai gyaran naka za ta zama gaskiya. Wanda ya iya rubutu a `RO` zai iya sauya makullin Google da nasa, ko ya share famwayar ya zuba wata, kuma idan `RO` ya lalace, filas na farfaɗowa ma ba zai tashi ba. Shi ya sa ni ban ga dalilin barin sa a buɗe ba bayan an gama saita tutocin.

Kafin ka rubuta komai, ka kwafi aisin da `sudo flashrom -r kwafi.bin`, ka ajiye fayil ɗin a filas daban. Sannan ka tuna batir a zare yake: idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu, allo zai tsaya baƙi ƙirin, sai an kama aisin da na'urar rubutu irin CH341A, wasu aisin ma sai da adafta mai bolt 1.8. A yi aikin a kan inbata. Sabbin samfura masu guntun tsaro na `Ti50` kuwa zare batir ba ya wadatarwa, domin guntun da kansa yana tantance `RO` kafin ya bar na'urar ta tashi.