Zubar ganyen shuke-shuken ɗaki a bakin na'urar sanyi

Zubar ganye matsala ce da ke samun shukar tukunya idan aka ajiye ta a hanyar iskar na'urar sanyaya ɗaki, wadda a Damagaram ake kira kilim. An fi ganin ta a ofisoshi da faluka cikin bazara, watannin Afirilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 kuma na'ura ke wuni a kunne.

Musabbabi

Iskar da ke fita daga bakin na'urar ta fi ta ɗakin sanyi ƙwarai. Ko an saita ta a digiri 24, abin da ke hurowa yakan kasance wajen 12 zuwa 15. Yawancin shuke-shuken ado asalinsu dazuzzuka masu ɗumi da laima ne, sanyin da ya yi ƙasa da kimanin digiri 15 yana taɓa su. Na'urar kuma tana tatse laimar ɗaki, ruwan da ke ɗiga daga bututunta a waje shi ne shaida. Sannan iskar ba ta tsayawa, tana kwashe danshin ganye fiye da yadda saiwa ke iya mayarwa.

Alamomi

Bakin ganye ne ke fara ƙonewa ya yi ruwan ƙasa, sai ganyen ya nannaɗe ya faɗi. Abin da ke raba wannan da ƙishirwa shi ne ɓarnar takan fi yawa a ɓangaren da ke kallon na'urar, ƙasar tukunya kuwa tana nan da danshinta. A nan ake yawan kuskure: mai shuka ya ga ganye na bushewa ya ƙara ruwa, saiwa ta ruɓe. Fikus na ɗaki, ɗan uwan ceɗiya, yakan zubar da ganye tun yana kore. Shuke-shuke masu kaurin ganye irin su moda da zabuwa sun fi juriya.

Wurin ajiyewa

Ana matsar da tukunya kamar mita 2 daga na'urar, a gefe, kusa da taga mai haske. Gwajin mai sauƙi ne: a rataya zare a reshe, in yana kaɗawa to iskar na isa wurin. Ana kuma ɗaga fikafikan na'urar sama, a kashe Swing, wato maɓallin da ke sa su kaɗawa sama da ƙasa. Ganyen da ya ƙone ba ya farfaɗowa; sabon toho ake duba bayan 'yan makonni.

Ƙarin laima

Tara tukwane wuri guda yana taimakawa. Haka faranti mai tsakuwa da ruwa a ƙarƙashin tukunya, muddin gindinta bai taɓa ruwan ba, ko ƙaramar randa a tsakaninsu. Amfanin farantin ana saɓani a kansa. Fesa ruwa kuwa cikin mintuna yake bushewa. Ruwan bututun na'urar ba shi da gishiri sosai, ana iya tara shi don ban ruwa, abin da ke da daraja a garin da famfo kan ɗauke.