Yadda ma'aikaci zai lissafa harajin albashinsa na shekara daga takardar biya

Tun ranar 1 ga Janairun 2026 aka fara aiki da sabuwar dokar haraji ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, kuma ta sauya lissafin kuɗin da ake yanka a layin haraji, wanda aka rubuta PAYE, a takardar albashi. Yankan wata-wata ake yi, amma doka kuɗin shekara take auna wa. Shi ya sa wanda ya ɗauki takardar wata ɗaya yana neman kaso nawa aka cire masa yakan rikice. Hanya mai sauƙi ita ce ka haɗa shekarar gaba ɗaya, ka fitar da harajinta, sannan ka raba gida 12.

Mu ɗauki misalin wani ma'aikacin kamfani a Kano. Takardarsa ta nuna tushen albashi naira 150,000, alawus na gida 75,000, na sufuri 45,000, sauran ƙananan alawus kamar na abinci da wuta 30,000. Jimla 300,000 a wata, wato 3,600,000 a shekara. Sau ɗaya a shekara kuma ana ba shi kuɗin hutu 180,000. Abin da ya samu a shekarar ya zama 3,780,000.

A nan mutane da yawa suke tuntuɓe, suna zaton tushen albashi kaɗai ake yi wa haraji, alawus kyauta ce. Doka ba ta raba su ba. Alawus, kuɗin hutu, garaɓasar ƙarshen shekara, kuɗin ƙarin lokaci, duk suna shiga jimla. Abin da ba ya shiga shi ne kuɗin da ka kashe a kan aikin ofis aka mayar maka, kamar kuɗin mota da masauki in an aike ka Abuja. Kuma ka lura, daga jimlar sama ake farawa. Kuɗin da ya faɗo asusunka na banki an riga an yanke abubuwa daga cikinsa, ba ya amfani a wannan lissafi.

Daga wannan jimla sai a cire abubuwan da doka ta yafe wa haraji. Na farko fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da aƙalla kashi 8 cikin 100, kuma a mafi yawan wuraren aiki a kan tushen albashi da alawus na gida da na sufuri ake lissafa shi. Ga mutuminmu, ukun nan sun kama 270,000, kashi 8 ɗinsu 21,600 a wata, 259,200 a shekara. Na biyu asusun gidaje na ƙasa, wanda ake rubutawa NHF, kashi 2.5 na tushen albashi: 3,750 a wata, 45,000 a shekara. Idan babu wannan layi a takardarka, kada ka cire shi, domin abin da aka biya da gaske ne kawai ake yafewa. Haka gudummawar inshorar lafiya ta ƙasa, da kuɗin inshorar rai, da ruwan bashin gina gidan da mutum yake zaune a ciki, duk ana cire su ga wanda ya biya.

Sai kuɗin haya, wanda shi ne sabon abu. A tsohuwar doka akwai rangwame na bai ɗaya da kowa yake samu ba tare da ya nema ba, naira 200,000 ko kashi 1 na kuɗin shiga, duk wanda ya fi yawa, haɗe da kashi 20 na kuɗin shigar. An soke shi. A madadinsa mai zaman haya yana cire kashi 20 na hayar da ya biya a shekara, amma rangwamen ba zai wuce 500,000 ba. Mutuminmu yana biyan 600,000, don haka zai cire 120,000. Alawus na gida da ke takardarsa ba shi da alaƙa da wannan. Hayar da ya miƙa wa mai gida ake dubawa, kuma sai ya bayyana ta. A garuruwanmu inda ake biyan haya hannu da hannu a gaban dillali, ba rasit ba yarjejeniya, wannan rangwame zai wuce mutane da dama. Wanda yake zaune a gidansa ko gidan gado kuwa ba shi da rabo a ciki, abin da a ganina ya ɗan yi tsauri.

Fansho da asusun gidaje da haya sun haɗu 424,200. A cire daga 3,780,000, saura 3,355,800. Wannan ne kuɗin da haraji zai hau.

Harajin hawa-hawa ne. Naira 800,000 na farko ba a taɓa su. Miliyan 2.2 da ke biye, wato har zuwa miliyan 3, kashi 15. Miliyan 9 na gaba, har zuwa miliyan 12, kashi 18. Daga nan akwai kashi 21 har miliyan 25, kashi 23 har miliyan 50, abin da ya haura haka kashi 25. Mutuminmu a hawa na uku ya tsaya. Na farko babu komai, na biyu 330,000. Ragowar 355,800 da ta haura miliyan 3 ita kaɗai za a yi wa kashi 18, ya ba da 64,044. Harajin shekara 394,044, a wata 32,837.

Akan ji ma'aikaci yana tsoron ƙarin girma wai zai jefa shi kashi 18 ya tashi a tutar babu. Ba haka lissafin yake ba. In an ƙara wa mutuminmu 10,000 a abin da haraji ke hawa, 1,800 za a ɗauka, 8,200 nasa ne, kuma kuɗin da ke hawan ƙasa suna nan yadda suke.

Yanzu sai a gwada da takardu. Kada ka firgita in adadin wata bai zo daidai da 32,837 ba. Wasu ofisoshin albashi suna baza kuɗin hutu a kan watanni 12, wasu kuma sai watan da aka biya shi suke yanke harajinsa. A tsari na biyu za ka ga 30,137 a watanni 11, sannan 62,537 a watan hutu. Haɗa su, 394,044 ɗin nan ce. Jimlar layin PAYE na Janairu zuwa Disamba ita ce abin kwatance.

In jimlar ta sha bamban, girman bambancin yakan nuna inda matsalar take. Idan an yanke wa mutuminmu 21,600 fiye da lissafinsa, wato 1,800 kowane wata, kusan tabbas ba a sa rangwamen haya ba, don wannan shi ne kashi 18 na 120,000. Idan kuma lissafinsa ne ya yi ƙasa sosai, ya duba ko ya cire abin da doka ba ta yafe ba. Adashin ƙungiyar ma'aikata, bashin banki, kuɗin shinkafar azumi da ake yanka kaɗan-kaɗan, duk suna rage abin da ke shiga aljihu amma ba sa rage haraji ko sisi. Wanda kamfani ya ba gida ko mota shi ma zai ga harajinsa ya ɗara lissafinsa, saboda ana ƙiyasta darajar amfanin a ƙara a kan albashi.

Kuɗin da aka yanke yana tafiya ne hukumar tara haraji ta jihar da kake zaune, kuma wajibin mai aikin ne ya tura shi kafin 10 ga wata mai biyowa ta wuce. In ka gano kuskure, fara da ofishin albashi, ka tafi da takardun watannin da rasit ɗin haya. In ba a gyara ba, ma'aikaci yana da har 31 ga Maris na shekara mai zuwa ya shigar da bayanin kuɗin shigarsa a hukumar jihar, a can ne zai nuna an yanke masa fiye da ƙima ya nemi a mayar masa.