Mece ce jagorar salon rubutu, kuma daga ina ake samo ta?

Jagorar salon rubutu ƴar gajeriyar takarda ce da kamfani, ƙungiya ko gidan jarida ke ajiyewa, wadda ke faɗa wa duk mai yi musu rubutu yadda ake magana da mai karatu, yadda ake rubuta kalmomin da ake saɓani a kansu, da sunan da aka tsayar wa kowane abu. Ba littafin nahawu ba ce. Aikinta kawai ta yanke hukunci a wuraren da marubuta biyu, kowannensu ya iya aikinsa, za su iya ɗaukar hanya daban-daban. Kuma wadda ta fi amfani ita ce wadda aka fitar daga rubutun da aka riga aka yi, domin a nan ne ainihin saɓanin yake.

A ce kamfani ne mai manhajar biyan kuɗi, mutum uku suke rubuta masa saƙonni. Za a fara da tattara rubutu kamar talatin, a gauraya iri-iri: sanarwa, amsar ƙorafi, saƙon da ke fitowa idan biya bai shiga ba. A zuba su a fayil ɗaya, a karanta, ana rubuta duk inda abu ɗaya ya zo da fuska biyu. Kada a gyara komai tukuna.

Sai ƙirge. A danna `Ctrl+F` a nemi kowace siga. A nan akwai tarko: wanda ya nemi “yana” zai kwaso har da “yanayi” da “yanar gizo”, don haka sai a zaɓi neman cikakkiyar kalma. A ce an samu “kalmar sirri” sau 14, “lambar sirri” sau 9. Kafin a ce mai rinjaye ta ci, a koma a duba jimlolin. Wataƙila tara ɗin nan suna nufin lambobi huɗun da ake dannawa wajen tura kuɗi, sha huɗun kuma abin da ake shiga manhajar da shi. Idan haka ne, abubuwa biyu ne, sai jagorar ta ba kowanne sunansa, ta hana a musanya su. Mai karatun da ya ga suna biyu yakan ɗauka abu biyu ne, wanda ya ga suna ɗaya kuma ya ɗauka abu ɗaya ne, kuma a harkar kuɗi wannan ruɗani ba ƙarami ba ne.

Rinjaye yana yin hukunci ne kawai inda sigogin biyu duk daidai ne, kamar 'y da ƴ a “'ya'ya” da “ƴaƴa”. Inda ƙa'idar rubutu ta riga ta yi magana, yawa ba hujja ba ne. Ko da an rubuta “ya bashi” sau ashirin, “ya ba shi” ne daidai, domin bashi wani abu ne daban. Haka “suka” da “yana” a haɗe suke, “za su” a rabe. Haruffa masu ƙugiya ma haka, tunda “kasa” ba “ƙasa” ba ce.

Murya, wato yadda rubutu ke magana da mai karatu, ta fi wuyar kamawa, kuma a nan mutane suka fi zubar da aikin. Sai ka ga an rubuta “mu kasance masu fara'a da ladabi”, wanda ba ya hana kowa rubuta abin da ya ga dama. A ganina gara a ɗauko abin da ido ke gani. Da “ka”, “ki” ko “ku” ake kiran mai karatu? Idan tsofaffin saƙonnin da suka fi daɗin karatu da “ku” suke magana, a tsayar da shi, tunda ya ɗauke mace da namiji kuma akwai girmamawa a cikinsa. Sannan a ajiye jimloli biyu gefe da gefe: muna cewa “Kuɗinku bai fita ba, ku sake gwadawa”, ba ma cewa “An samu matsala yayin aiwatar da buƙatar”. Sabon marubuci zai fahimci wannan nan take.

Kowace ƙa'ida ta zama layi ɗaya: sigar da aka zaɓa, wadda aka bari, da misali daga rubutun gidan. Shafi ɗaya ko biyu ya isa, domin takarda mai shafi ashirin ba mai buɗe ta lokacin da aiki ya matso.

Iyakarta ita ce ba ta san abin da ba a taɓa rubutawa ba, don haka a sa mutum ɗaya ya riƙa ƙara sabon hukunci duk lokacin da tambaya ta taso. Gwajinta kuwa mai sauƙi ne: a ba mutum biyu tsohon saƙo ɗaya, kowa ya gyara da jagorar a hannu ba tare da sun yi shawara ba. Duk inda gyaransu ya bambanta, ko dai babu ƙa'ida a wurin, ko kuma wadda ke akwai tana buƙatar misali.